Lita nawa daro ke ci? Yadda ake lissafa cikin bokiti da daro da wayar hannu

A garuruwan bakin tafkin Kainji, daga Yelwan Yawuri zuwa Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski, har can sama wajen Shanga inda kogin Neja ke gangarowa, ba kowane ciniki ake yi da sikeli ba. Bokiti, daro da mudu su ne ma'aunin yau da kullum. Da su ake auna shinkafa, da su ake auna ƙananan kifayen nan da ake shanyawa, waɗanda ake kira warangi, da su kuma ake ɗiban ruwa.

A ɗauka wata mai sarin busasshen kifi ta zo saye, an daidaita a kan naira 30,000 kowane cikakken daro. Kuɗin na misali ne kawai. An auna cikakku an gama, sai ragowar kifin ya tsaya daidai tsakiyar zurfin daron. Mai kaya ya duba ya ce, "Hajiya, wannan rabi ne, ki kawo dubu goma sha biyar." Ita ma ta leƙa, ta ga lallai a tsakiya ya tsaya, ta biya. Babu wanda ya yi niyyar cutar wani, amma idan daron irin mai faɗin bakin nan ne, abin da ta karɓa kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai, kuma ta yi asarar kusan naira 4,800 a awo ɗaya. Wannan darasi zai nuna daga inda lambar ta fito, da yadda duk mai waya zai iya lissafa ta da kansa.

Siffar da ake magana a kai

Gwangwanin madara da durom faɗinsu ɗaya ne daga sama har ƙasa, shi ya sa rabin zurfinsu rabin cikinsu ne. Bokiti da daro ba haka suke ba. Bakinsu ya fi gindinsu faɗi, bangonsu kuma a jirge yake. Masu ƙera su suna yin haka ne don a iya jera su wani cikin wani, kuma don su fita daga mazubin ƙira cikin sauƙi. Idan aka ɗauki mazurari, aka yanke tsininsa a miƙe, aka toshe wurin da faifai, abin da ya rage shi ne siffar bokiti. A littattafan lissafi na sakandare sunan wannan siffa furastam, kuma tana fitowa a jarrabawar WAEC da NECO. Wanda yake son nemanta a intanet zai rubuta `frustum`.

Lambobi uku kaɗai ake buƙata: faɗin baki, faɗin gindi, da zurfi. Lissafin ba ya cin minti biyu. Inda aka fi faɗuwa shi ne wajen awo, don haka daga nan ya kamata a fara.

Awo

Tef ɗin tela ya isa, ta ɓangaren santimita, ba ta ɓangaren inci ba. A tabbatar da wannan tun farko, domin tef ɗin yana da fuska biyu kuma teloli sun fi amfani da inci.

Faɗin baki daga ciki zuwa ciki ake auna shi, ta tsakiya. Leɓen bokitin roba yakan lanƙwasa waje, kuma wannan leɓen ba ya riƙe ruwa, saboda haka ba ya cikin lissafi. Don a tabbatar tef ya bi ta tsakiya, sai a riƙe kansa a wuri ɗaya, a riƙa matsar da ɗaya gefen hagu da dama, lamba mafi girma da aka gani ita ce faɗin. Tsohuwar roba da ta sha rana da kaya takan ɗan baje ta wani gefe. A irin wannan sai a auna sau biyu, na biyun ya gitta na farko, a haɗa a raba biyu.

Gindi ya fi wuyar aunawa daga ciki, domin hannu da tef ba sa zama daidai a can. Hanya mai sauƙi ita ce a sami tsinken tsintsiya ko siririn kara, a riƙa rage shi har ya kwanta cif a ƙasan daron daga bango zuwa bango, sannan a fito da shi a auna. Ana kuma iya kifa daron a auna ta waje, a cire kaurin bango sau biyu, na hagu da na dama.

Zurfi shi ne mai tarko. Abin da ake so shi ne zurfi a tsaye, kamar yadda guga ke sauka rijiya, ba tsawon bangon da ke jirge ba. A gitta miƙaƙƙen kara a bakin daron, a tsayar da wani karan a tsakiya har ya taɓa ƙasa, a yi alama inda suka haɗu, a auna. Kada a auna tsayin bokiti daga waje, domin yawancin bokitai suna da wani zobe a ƙarƙashi da ke ɗaga gindinsu daga ƙasa, kuma yakan ƙara santimita ɗaya ko fiye da babu ruwa a cikinsa.

Daron da za a yi aiki da shi a nan bakinsa santimita 60 ne, gindinsa 30, zurfinsa 20.

Ƙa'idar lissafin

Ƙa'idar da rabin faɗi take aiki, wato daga tsakiyar da'ira zuwa gefenta. Rabin faɗin baki shi ne R, rabin faɗin gindi r, zurfi h, abin da mazubin ke ci kuma V:

```
V = π × h × (R×R + R×r + r×r) ÷ 3
```

Alamar π lamba ce da ba ta canzawa a duk lissafin da'ira, kusan 3.14. A daron nan R ya zama 30, r ya zama 15, h kuma 20.

Da cikin baka ake farawa. 30 sau 30 ya ba da 900. 30 sau 15 ya ba da 450. 15 sau 15 ya ba da 225. Jimla 1,575. Sai a ninka da zurfi, 1,575 sau 20, a sami 31,500. A raba uku, 10,500. Daga ƙarshe a ninka da π, a sami kusan 32,987.

Wannan lamba ba lita ba ce tukuna. Tana ƙirga 'yan ƙananan akwatuna ne masu santimita ɗaya ta kowane gefe, kuma dubu ɗaya daga cikinsu ne ke yin lita ɗaya. Idan aka raba da 1,000 sai a ga daron yana cin lita 33, in an cika shi har baki.

Daga ina ƙa'idar ta fito?

Haddace ƙa'ida ba tare da sanin tushenta ba shi ke sa mutum ya manta ta a ɗakin jarrabawa, ko ya bar R×r ɗin tsakiya ba tare da ya lura ba. Tushen kuwa ba shi da wuya.

Mazurari mai tsini yana cin kashi ɗaya cikin uku na gwangwanin da suke da faɗin baki ɗaya da tsayi ɗaya. Ana iya gwada wannan da takarda mai kauri da yashi: a naɗe takardar ta yi tsini, a daidaita bakinta da tsayinta da na gwangwani, za a ga sai an juye sau uku kafin gwangwanin ya cika. Daga nan ukun da ake rabawa da ita ta samo asali.

Yanzu a koma kan daron. Daga baki zuwa gindi, cikin zurfin santimita 20, rabin faɗinsa ya ragu daga 30 zuwa 15. Da bangon zai ci gaba da tsukewa a haka, bayan wasu santimita 20 zai haɗe ya zama tsini. Ke nan daron wani babban mazurari ne mai tsayin 40 da aka yanke wa ƙaramin mazurari mai tsayin 20. Babban yana cin π sau 900 sau 40 a raba uku, wato kusan 37,699. Ƙaramin da aka yanke yana cin π sau 225 sau 20 a raba uku, kusan 4,712. A cire ƙarami daga babba, saura 32,987, daidai da abin da aka samu ɗazu. Ƙa'idar furastam wannan cirewar ce aka taƙaita, don kada mutum ya tsaya neman inda tsinin zai faɗa.

Akwai gwaji biyu da ke tabbatar wa mutum ya tuna ta daidai. Idan baki da gindi faɗinsu ɗaya ne, abubuwa ukun cikin baka sun zama iri ɗaya, ukun da ake rabawa da ita ta cinye su, sai a dawo lissafin gwangwani. Idan kuwa gindin sifili ne, biyu daga cikinsu sun ɓace, sai a dawo lissafin mazurari. Duk ƙa'idar da aka tuno ta kasa cin waɗannan gwaje-gwaje biyu, an yi mata tuntuɓe a wani wuri.

Lissafin ya tsufa ƙwarai. Wata takardar Misira ta dā, da aka rubuta kimanin shekara 1850 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wadda yanzu ke gidan tarihi na Pushkin a birnin Mosko, tana ɗauke da shi a tambayarta ta 14. A can dala ce mai kusurwa huɗu da aka yanke wa kai: gindi 4, sama 2, tsayi 6. Marubucin ya haɗa 16 da 8 da 4 ya sami 28, ya ninka da sulusin tsayin, wato 2, ya sami 56. Tsarin ɗaya ne da na daro, π ce kawai babu domin babu da'ira.

Rabin zurfi da rabin daro

Yanzu ga cinikin Hajiya. Kifin ya tsaya a santimita 10 daga ƙasa. Wannan ɓangare na ƙasa shi ma furastam ne, ƙarami, mai nasa baki. Gindinsa bai canza ba, amma faɗin samansa ba 60 ba ne, domin bai kai bakin daron ba. Tunda bangon miƙaƙƙe ne, faɗin yana ƙaruwa daidai wa daida: a tsakiyar zurfi yana tsakiyar 30 da 60, wato 45. Rabinsa 22.5.

Sai a sake bin ƙa'idar da R na 22.5, r na 15, h na 10. Cikin baka ya ba da 506.25 da 337.5 da 225, jimla 1,068.75. A ninka da 10, a raba uku, a ninka da π, a raba da dubu. Amsa lita 11.2.

Lita 11.2 cikin 33 kashi 34 ne cikin ɗari. Rabin sama na daron shi ya kwashe sauran lita 21.8, kusan ninki biyu na rabin ƙasa. A farashin naira 30,000 kuɗin abin da Hajiya ta karɓa bai wuce naira 10,200 ba, ita kuwa 15,000 ta biya. Da za a ba ta rabin gaskiya, lita 16 da rabi, sai kifin ya kai santimita 13 daga ƙasa, wato kusan kashi biyu cikin uku na zurfin. A ido wannan zai yi kama da ya wuce rabi sosai, har mai kaya ya ga kamar shi ake cuta.

Dalilin shi ne faɗi sau biyu yake shiga lissafi, zurfi kuwa sau ɗaya. Da'irar da ta ninka wata a faɗi ta ninka ta sau huɗu a fili. Bakin wannan daro ya ninka gindinsa a faɗi, don haka kowane siririn shafi na ruwa a baki ya yi huɗu na wanda ke ƙasa. Santimita biyu na farko a ƙasan daron lita 1.6 kawai suke ci. Santimita biyu na ƙarshe a sama lita 5.4 suke ci. Daron da aka bari saura kaurin yatsa ɗaya da 'yan kai bai cika ba ya rasa kusan kashi ɗaya cikin shida na kayansa, kuɗi kusan naira 4,900 a farashin nan. Tsofaffin 'yan kasuwa da ke tsayawa kai da fata sai an cika mudu ya tumbatsa sun san wannan tun ba su ga ƙa'idar a allo ba.

Tafkin Kainji ma haka yake, sai dai girma. Tun da aka kammala madatsar a 1968, ruwan yakan cika ya kuma ja baya kowace shekara, ya bar fili a gefe da mutane ke nomawa. Gaɓarsa a gangare take kamar bangon daro, saboda haka mita ɗaya da ruwa ya sauka lokacin da tafkin ke cike ya fi mita ɗaya na lokacin da ya yi ƙasa yawan ruwa nesa ba kusa ba. Injiniyoyin madatsun ruwa suna da wata siga ta wannan ƙa'ida da ke aiki da faɗin filin ruwa a matakai biyu maimakon rabin faɗi, kuma da ita ake ƙiyasta ruwan da ke tsakanin matakan.

Kurakuran da aka fi yi, da yadda ake gane su

Kafin a yarda da kowace amsa, akwai shinge biyu da ba za ta tsallake ba. Gwangwani mai faɗin gindin daron da zurfinsa zai ci lita 14.1. Gwangwani mai faɗin bakinsa zai ci lita 56.5. Dole amsar gaskiya ta faɗa tsakanin waɗannan biyun, kuma ƙasa kaɗan da tsakiyarsu. Wanda ya sami lita 132 ya sa cikakken faɗi ne a inda ake son rabi, amsarsa ta ninka huɗu. Wanda ya sami 99 ya manta raba uku. Duka biyun sun tsallake shinge, nan take ake kama su.

Kuskuren da ba ya tsallake shinge shi ne mai haɗari, kuma shi ne auna bangon da ke jirge a matsayin zurfi. A wannan daro, idan aka kwantar da tef a jikin bango daga baki zuwa gindi, 25 zai nuna, ba 20 ba. A sa 25 a ƙa'ida sai a sami lita 41.2, ƙarin lita takwas da ba su wanzu ba, kuma babu abin da zai nuna a fuskar lambar cewa ƙarya ce. Wanda tsawon bango kaɗai yake da shi zai iya fitar da zurfin da ƙa'idar Faisagoras: 25 sau 25 ya ba da 625, bambancin R da r shi ne 15, sau kansa 225, a cire a sami 400, lambar da ta ninka kanta ta ba da 400 kuwa ita ce 20. Masu shirya tambayoyin jarrabawa suna son wannan tarko, sukan ba da tsawon bango su yi shiru.

Sai kuma gajeruwar hanyar da mutane da yawa ke bi: a haɗa faɗin baki da na gindi a raba biyu, a lissafa kamar gwangwani. Ba laifi ba ce gaba ɗaya, amma kullum tana rage amsa. A daron nan lita 31.8 take bayarwa, ta ci lita 1.2. A bokiti kuwa kusan babu bambanci. Bokiti mai baki 32, gindi 24, zurfi 30 yana cin lita 18.6 da cikakkiyar ƙa'ida, gajeruwar hanya kuma ta ba da 18.5. Ko kuskuren auna bango ma a wannan bokiti bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, domin bangonsa ya kusa miƙewa. Gwargwadon yadda baki ya fi gindi faɗi, gwargwadon yadda waɗannan kurakurai ke girma. A bokiti ana iya yin sakaci a tsira, a daro ba a tsira.

Wannan bokitin ya cancanci a ƙara dubansa. Irinsa ne ake kira bokitin lita ashirin a baki, ga shi ko an cika shi fal bai kai ba. Kuma babu mai ɗauko shi daga bakin ruwa a cike fal. In an bar santimita uku a sama don kada ya zube, an rage fiye da lita biyu, abin da ke ciki ya koma wajen lita 16. Ga wanda ke haɗa maganin feshin shinkafa ko maganin tace ruwan sha, inda takardar maganin ta ce a zuba kaza a lita 20, wannan gibi ba ƙarami ba ne, haɗin zai fi yadda aka tsara ƙarfi.

A kan waya

Kalkuletar da ke zuwa da waya ta isa. A wasu wayoyin sai an kwantar da wayar a gicciye, ko an taɓa maɓallin ƙarin alamomi, kafin π da baka su bayyana. Layi ɗaya ake rubutawa:

```
π×20÷3×(30×30+30×15+15×15)÷1000
```

Bakan nan dole ne. In aka cire shi, kalkuleta za ta ninka π da zurfi da kashin farko kawai, ta bar sauran, amsar ta lalace.

Ga wata dabara ga wanda ba ya son raba faɗi biyu ko neman π. Idan aka yi aiki da cikakken faɗin baki D da na gindi d, aka tattara π da ukun da dubun da raba biyun nan wuri ɗaya, lamba guda ke fitowa, kusan 3,820:

```
lita = h × (D×D + D×d + d×d) ÷ 3820
```

A daron nan 3,600 da 1,800 da 900 sun ba da 6,300, sau 20 ya zama 126,000, a raba da 3,820 a sami 33. Ko ƙaramar waya mai maɓalli za ta yi wannan. Sharaɗin kawai shi ne duk awon ya kasance da santimita.

Wanda ke koyon rubuta manhaja kuwa, nan akwai ɗan aiki mai amfani. Abin da ya fi sanin jimlar lita amfani shi ne sanin lita nawa ke cikin daron a kowane mataki. Wannan gajeren shiri na Python, da ake iya gudanarwa a wayar Android ta manhajar Pydroid 3 ko Termux, zai fitar da jerin:

```python
from math import pi

def lita(baki, gindi, zurfi):
    R, r = baki / 2, gindi / 2
    return pi * zurfi * (R*R + R*r + r*r) / 3000

for y in range(2, 21, 2):
    fadi = 30 + (60 - 30) * y / 20
    print(y, round(lita(fadi, 30, y), 1))
```

Layin `fadi` shi ne zuciyar shirin. Yana lissafa faɗin daron a matakin `y`, ya fara daga 30 a ƙasa ya hau a hankali zuwa 60 a baki. Wanda ya manta da shi ya bar 60 a kowane mataki, zai sami jerin da ke ƙaruwa daidai wa daida kamar na durom, wato ya koma kuskuren da Hajiya ta yi, wannan karon da taimakon kwamfuta. Jerin daidai zai nuna 3.4 a santimita 4, 8.2 a santimita 8, 14.6 a santimita 12, 22.8 a santimita 16, da 33.0 a baki. Tazarar da ke tsakanin lambobin tana ƙara buɗewa yayin da ake hawa.

An sa `round` da gangan. Waya za ta iya nuna lambobi goma bayan ɗigo, amma tef ɗin tela bai kai wannan ƙwarewa ba. A bokitin ɗazu, kuskuren santimita ɗaya a faɗin baki yana motsa amsa da lita 0.7, kuskuren santimita ɗaya a zurfi kuma da lita 0.6. Wanda ya ce bokitinsa lita 18.598 ne ya faɗi abin da bai auna ba. Lita 18 da rabi ita ce maganar gaskiya.

Inda ƙa'idar ta tsaya

Duk lissafin nan ya dogara ne kan miƙaƙƙen bango. A jingina rula ko miƙaƙƙen kara a jikin daron daga baki zuwa gindi. In ya kwanta lif, furastam ne. In ya taɓa tsakiya kaɗai yana lilo, daron yana da ciki, kuma zai ci fiye da abin da ƙa'idar ta faɗa. Ƙwarya da tasa da yawancin kwanonin silba haka suke. Maganinsa shi ne a yanka mazubin gida biyu ko uku a lissafi: a auna faɗi a tsakiyar zurfi da tsinken tsintsiya, a lissafa ɓangaren ƙasa daban, na sama daban, a haɗa. Yawan yankan, kusantar gaskiya.

Ƙa'idar kuma a baki take tsayawa, alhali kasuwa ba ta tsayawa a nan. Hatsi da busasshen kifi akan tula su sama da baki su yi tozo. Tozon shi ma mazurari ne a kife, ana lissafa shi daban. A daro mai baki 60, tozo mai tsayin santimita 10 yana ƙara wajen lita 9.4, fiye da rubu'in daron. Shi ya sa kafin a yi maganar rabi ya kamata a fara sanin wane cikakke ake nufi, mai tozo ko shafaffe.

Lita kuma ba kilo ba ce, sai a ruwa, inda lita ɗaya ke da nauyin kilo ɗaya. Busasshen kifi akwai iska a tsakaninsa, kuma wanda aka girgiza ko aka danna ya fi wanda aka zuba sako-sako nauyi a daro ɗaya. Ƙa'idar fili take aunawa, ba nauyi ba.

Bayan an gama lissafi, gwajin ƙarshe da ruwa ake yin sa. A ajiye daron a wuri mai laushi da bai karkace ba, a riƙa juye ruwa da gora mai lita ɗaya da rabi, ana cika ta iya inda kamfani ke cikawa. Daro mai lita 33 gora 22 zai sha. In ya cika a gora 21 ko ya nemi 23, awon ya yi kusa. In ya cika tun a gora 18, a koma a sake auna zurfi da leɓen baki. A gora ta 11 kuwa sai a dakata, ruwan ya natsu, a ɗauki fenti ko tsinin ƙusa a ja layi a jikin daron daidai saman ruwan. A daron nan layin zai faɗa santimita 13 daga ƙasa in an auna a tsaye, ko 16 da ɗan kai in an bi jikin bango da tef.